Ɗan kanarin da aka rena a ɗaki, da abin da ya hana bakinsa nuna

Tambaya daga wani mai kiwon kanari a Daura: "Malam, na ɗauko ɗan kanari daga sheƙa yana da kamar kwana goma, na rene shi da hannu a ɗaki. Yau watansa bakwai, amma kukansa a hargitse yake, ba kamar na wanda aka kamo da girmansa ba. Kuma da na maƙwabcina ya fara rerawa sai nawa ya yi tsit. Shin koya musu ake yi? Me ya sa ma namiji ke wannan kuka haka?"

Ɗan'uwa, koya suke yi, kuma daga bakin manyansu. Sai dai mu fara raba abu biyu da Hausa ta haɗe a kalma ɗaya. Duk sautin da tsuntsu ya fitar kuka muke ce masa, alhali iri biyu ne. Akwai gajeren kuka na kira, irin wanda ɗan tsako ke yi in yana jin yunwa, ko wanda garke ke yi in shaho ya gifta. Wannan galibi da shi ake ƙyanƙyasar tsuntsu. Akwai kuma doguwar rerawa mai gaɓoɓi da hawa da sauka, wadda zan kira waƙa a nan, ita ce abin da kake nema a wurin kanarinka, ita ce kuma ake koya. Zakara da kurciya ba sa cikin wannan lissafi. Ko a kwali ka reni zakara shi kaɗai, ranar da ya isa zai yi cara irin ta kakanninsa. Masu koyon murya a cikin tsuntsaye gida uku ne sanannu: dangin aku, da wasu ƙananan masu shan ruwan fure na nahiyar Amurka, sai babban gidan tsuntsaye masu waƙa, wanda ya kai kusan rabin jinsunan tsuntsayen duniya. Kanari da gado da suda duk 'yan wannan gida na uku ne.

Koyon yana bin matakai, kuma wanda ya san makarantar allo ba zai sha wahalar gane shi ba. Yaro yakan ji karatu a bakin malam da na gaba da shi tun kafin harshensa ya iya juya shi, daga baya ya yi ta biyawa yana tuntuɓe, har ya zauna masa. Mataki na farko ga tsuntsu sauraro ne zalla. Yana sheƙa ko bai daɗe da barinta ba, ubansa da mazan unguwa na rerawa, shi kuwa bai ce uffan ba, amma ƙwaƙwalwarsa na ɗaukar samfurin waƙar tana ajiyewa. Wannan ƙofa ba kullum take buɗe ba. Peter Marler, wanda ya yi aiki a kan wata gwara mai farin rawani a Kalifoniya, ya nuna a 1970 cewa ɗan da aka kunna wa waƙar jinsinsa tsakanin kwana 10 zuwa 50 da ƙyanƙyasa yana girma ya rera ta daidai, har da karin harshen yankin da aka ɗauko muryar. Wanda bai ji ta ba sai bayan wannan lokaci, waƙarsa takan fito a gurgunce. Wani abin lura kuma, da aka kunna wa 'ya'yan waƙar wata gwara dabam tare da ta jinsinsu, sai suka tsallake baƙuwar suka ɗauki tasu. Ashe ba da kai fayau ake ƙyanƙyasar su ba, akwai ɗan zanen waƙar gidansu a ciki, kunne ne ke cike shi.

Duba kwanakin nan ka duba naka. Ka ɗauke shi yana da kwana goma, daidai lokacin da ya kamata ya fara jin karatu.

Mataki na biyu shi ne gwaranci. A kanarin gida na Turai, wanda aka fi yin bincike a kansa kuma ɗan'uwa ne na kusa ga namu, yana farawa wajen kwana 40. Za ka ga ɗan tsuntsun ya lafe a kan sanda bayan ya ƙoshi, idonsa rabi a rufe, bakinsa kusan a rufe, gashin maƙogwaronsa na motsi, wani siririn surutu na fita wanda in ba ka matso ba ba za ka ji ba. Ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, babu gaɓar da ta maimaita kanta. Kada ka raina wannan. Abin da tsuntsu ke rerawa da shi ba a maƙogwaro yake ba kamar namu, yana can ƙasa a ƙirji, inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare na da nasa tsokoki da nasa jijiya, har yana iya fitar da sauti biyu a lokaci guda. Daidaita hagu da dama da numfashi aiki ne na watanni. Daga wajen wata biyu sai gaɓoɓi su fara bayyana, a gane wannan ta yi kama da ta uban, amma yau ya faɗe ta haka gobe ya canza, ya ja wata ya yanke wata. A kanarin Turai sai wajen wata takwas, in lokacin aure ya gabato, waƙar ke daskarewa: ta yi ƙarfi, jerinta ya tsaya, kowace gaɓa ta fito iri ɗaya duk sanda ya maimaita.

Da kunnensa yake gyara bakinsa. Masakazu Konishi ya tabbatar da haka a 1965, lokacin da ya kurmantar da 'ya'yan gwarar nan bayan sun gama sauraron manya amma kafin su fara gwaji. Samfurin na nan a kansu, amma da yake ba sa jin abin da suke fitarwa balle su gwada shi da samfurin, abin da suka rera shirme ne, ya fi na wanda aka rena shi kaɗai lalacewa. Shi ya sa hayaniya ke ɓarna. Kejin da aka rataye kusa da janareta ko injin markaɗe, ko a shagon da rediyo ba ya mutuwa, an hana tsuntsun da ke ciki jin malami, an kuma hana shi jin kansa.

To, a wata bakwai, kafin ka yanke masa hukunci ka tantance abu huɗu, don ba duk hargitsin waƙa ne rashin malami ba. Na farko, ka tabbata namiji ne. A farin kanari, mai ruwan toka da farin gindin wutsiya, mace da namiji kamarsu ɗaya a ido, kuma mace ma takan yi ɗan guntun surutu wanda ba ya zuwa ko'ina. Na biyu, mai yiwuwa bai gama ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka ɗauki muryarsa a waya da safe, minti biyu, ka sake ɗauka bayan mako biyu, ka saurare su a jere. In gaɓoɓin sun canza, ko sababbi sun shigo, har yanzu yana biyawa, kuma da sauran gyara. In iri ɗaya ne sak, da ƙarfi, amma gaɓa uku ko huɗu kawai yake juyawa, wasu da kaushi ko jan sauti marar kan gado, wannan ita ce waƙar maraya, ta wanda ya daskare ba tare da ya ji manya ba. Na uku, duba ƙasan kejin. In ka ga gashi na zuba, yana sauya riga ne, kuma tsuntsu kan rage waƙa ko ya daina gaba ɗaya na mako shida zuwa takwas. Na huɗu, kasa kunne da dare. Ƙaramin sauti kamar ƙas-ƙas tare da numfashi, buɗe baki, wutsiya na rawa da kowane numfashi, murya ta dishe, wannan ciwon hanyar iska ne, sau da yawa wasu ƙananan ƙwari ne da ke shiga bututun, kuma aikin likitan dabbobi ne. Hayaƙin murhu da na maganin sauro na kunnawa su ma suna kashe murya, wani lokaci har da mai muryar.

Akwai na biyar da ya riga ya wuce, amma ya kamata ka sani saboda gaba. Sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe da waƙa suna ginuwa ne a makonnin farko, daidai lokacin da jiki ke neman abinci ruwa a jallo. Gwaje-gwaje a kan tsuntsaye da dama sun nuna ɗan da ya sha yunwa a wannan lokaci yakan kwaikwayi malaminsa da kurakurai ko da ya ji shi sarai. Jiƙaƙƙen gero kaɗai ba ya isar ɗan kanari. Yana buƙatar dafaffen ƙwai da aka murmushe a cikin abincinsa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa daga safe zuwa magariba, kuma a zubar da ragowar kafin zafi ya lalata shi.

Sa'arka ɗaya, kanari ba ya cikin masu rufe ƙofa gaba ɗaya. Wasu tsuntsayen in waƙa ta daskare shi ke nan har mutuwa. Fernando Nottebohm ya gano a kanarin Turai cewa bayan lokacin aure waƙar takan sake yin laushi, wasu gaɓoɓi su faɗi, sababbi su shigo, sassan waƙa na ƙwaƙwalwa su ragu sannan su sake girma in shekara ta zagayo, har da sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke shiga aiki. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa ka sa naka a gaban malami shi ne yanzu in bai daskare ba, ko kuma daga sanda ya fara zubar da gashi zuwa watanni biyu ko uku bayan ya gama. Ba na ce zai kamo wanda ya tashi a gaban ubansa ba. Zai ƙaru dai, kuma ƙaruwar za ta ji a kunne.

Malamin ya zama namiji ɗaya, baligi, jinsinsa, wanda kai kanka waƙarsa ta gamsar da kai, domin har kuskurensa ɗalibin zai kwashe. Masu kiwon kanari a duwatsun Harz na ƙasar Jamus sun daɗe da wannan dabara: sukan ware gwanin mawaƙi su jera samarin kusa da shi a wuri mai shiru da ƙarancin haske, duk wanda ya fito da gaɓa mai kaushi kuma su cire shi kafin ya ɓata sauran. Kai ma ka ajiye kejin biyu a ɗaki ɗaya ko rumfa ɗaya, tazarar taku uku zuwa huɗu, da kwali ko zane a tsakani yadda za su ji juna ba tare da sun zuba wa juna ido ba. Daga asuba zuwa hantsi ne lokacin da ya fi amfani. Da dare a rufe keji ko a kashe fitila, don hasken lantarki har tsakar dare yana rikita musu lissafin lokaci. Muryar waya tana taimakawa in babu tsuntsu, amma ba ta kai mai rai ba. An gwada a gwarar Kalifoniyan nan a shekarun 1980, aka ga ɗan da ya wuce kwana 50, wanda kaset ya daina shigarsa, ya koya daga tsuntsu mai rai da ke kusa da shi, har ma da na wani jinsi. In wayar ce kawai, ka tsaya a kan murya ɗaya, ka kunna ta 'yan mintoci da safe da la'asar, a sautin da bai wuce na tsuntsu ba. Kunna ta wuni guda ba ya ƙara komai, yana dai cinye shirun da ɗalibi ke buƙata ya ji kansa.

In kana son ganin ƙarfin wannan koyo ba tare da keji ba, yana nan a tsakar gida. Ka san ɗan jan tsuntsun nan da ke tsince-tsince a gindin turmi, mai sheƙa a jinka ko ramin katanga, wanda wasu ke kira baiwar Allah. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi kamar rinin shuni, da farin baki da jajayen ƙafafu, wanda daga tsakiyar damina zuwa kaka za ka gan shi a ƙolin bishiya ko kan waya yana ta surutu. Matarsa ba ta yin sheƙa, a ta jan tsuntsun take zuba ƙwai, a rene ɗanta tare da 'ya'yan gida. In ɗan ya girma namiji, a cikin waƙarsa za ka ji waƙar uban riƙonsa tsaf. Robert Payne ya sa wani tsuntsun keji dabam ya reni irin waɗannan 'ya'ya, mazan suka tashi da waƙar sabon mai riƙon, matan kuma suka fi karkata ga namiji mai wannan waƙar. Mace ba ta rerawa, amma ita ma ta yi hadda.

Sai batun abin da ke sa namiji wannan wahala. Waƙar magana biyu take ɗauke da su lokaci guda: ga mata, ga ni nan, lafiyayye, ina da wuri; ga maza, wurin nan da mai shi. Wurin kuwa shi ne bishiyar da za a yi sheƙa da abin da ke kewaye da ita, kuma girmansa ya danganta da jinsi. Mai cin ƙwari yakan tsare fili mai faɗi domin abincin 'ya'yansa a ciki yake. Mai cin tsaba irin kanari yakan tafi kiwo tare da 'yan'uwansa, abin da yake karewa sheƙa ce da matarsa da 'yan rassan da yake hawa ya rera. Dalilin da ya sa murya ta fi faɗa araha a bayyane yake: tsuntsun da nauyinsa bai fi giram goma sha wani abu ba, in ya rasa ido ko gashin fiffike a kokawa, ya zama abincin shaho. Murya kuwa tana ratsa ganye, tana isa inda ido bai kai ba, kuma mai ita yana zaune a reshe ɗaya.

An gwada wannan a fili. A shekarun 1970 John Krebs ya kama mazan wani ƙaramin tsuntsun daji a kurmin Wytham kusa da Oksfod a ƙasar Ingila, ya kwashe su daga wurarensu. A wani sashe ya rataya lasifikoki suna rera waƙar masu wurin, a wani suna busa usur, wani kuma ya bar shi shiru. Sashen shiru da na usur nan da nan baƙin maza suka mamaye su. Sashen da ake jin waƙa ya daɗe babu wanda ya shiga. Amma daga baya shi ma an shige shi, kuma wannan ne ya fi koyar da mu: waƙa kamar gambar da manomi ke shukawa a kan iyaka ce, tana tsayar da mai wucewa, amma in aka lura babu mai gona a bayanta, wata rana za a tsallaka. Shi ya sa rikicin ke hawa daki-daki. Ana fara amsa wa juna daga nesa, sai ɗaya ya riƙa katse ɗaya ko ya mayar masa da irin gaɓar da ya yi, sai a matso, a sassauta fiffike a buɗe baki, kora da cakumar juna su ne na ƙarshe kuma ba kasafai ake kai wa nan ba. A jinsuna da yawa namiji ya san muryar maƙwabcinsa, ba ya tayar da hankali in ta fito daga inda ya saba jin ta. Baƙuwar murya, ko muryar maƙwabcin daga ɓangaren da ba nasa ba, ita ke sa shi tasowa.

Abin da ke kunna wannan duka sinadarin namiji ne da ke ƙaruwa a jini in lokacin aure ya zo, shi ne ma ke daskarar da waƙar saurayi. A Turai tsawon yini ne ke tayar da shi. A nan Katsina da Daura bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai fi kamar awa ɗaya da rabi ba, don haka ruwan sama da ɗanyen ganye da nunar tsabar ciyawa suna da babban hannu. Kada kuma a ɗauka maza kaɗai ke waƙa a ko'ina. A ƙasashen zafi irin namu mata da yawa na yi. Akwai wani mai jan ƙirji da baƙin baya da rawayar hula da ke ɓuya a cikin sarƙaƙiya: namijin ya yi fito, matar ta amsa da wani kakkausan sauti a manne da nasa har ka rantse tsuntsu ɗaya ne, su biyun suke tsaron wurinsu.

Yanzu ka ga abin da ke faruwa tsakanin naka da na maƙwabcinka. Wancan baligi ne mai cikakkiyar murya, yana shelar cewa nan nasa ne. Naka saurayi ne, kuma a daji saurayin da ya ji haka shiru yake yi ya saurara, ko ya bar wurin. Shirun ba ciwo ba ne, kuma in daga nesa yake jiyo shi, karatu yake ɗauka kyauta. Inda matsala take shi ne a rataye su gab da juna suna kallon-kallo, babu mai hanyar kaucewa. Alamarta ita ce ƙaramin ya takure a sandar ƙasa ko lungun keji, ya rage ci, ya daina ko gwarancin da yake yi in shi kaɗai ne. In ka ga haka, sa shamaki, ka ƙara tazara har zuwa inda zai koma surutunsa bayan babban ya yi shiru. Baligai biyu kuwa da ke jin juna ba sa ganin juna sukan zuga juna su yi ta rerawa, abin da masu kiwo ke so ke nan, amma ko su a riƙa raba su suna hutawa, kuma kada a taɓa haɗa su keji ɗaya. In ka sa wa namiji mace, ka sa ran waƙar za ta ragu, domin rabin abin da yake nema ya samu.

Nan gaba in kana son mawaƙi, bar ɗan a wurin iyayensa. Wanda aka ƙyanƙyashe a keji ya zauna da su har ya iya fasa tsaba da kansa, wajen wata guda, sannan a mayar da shi kejinsa inda zai ci gaba da jin uban har wata uku ko fiye. Ɗebo 'ya'ya daga sheƙar daji kuwa ina roƙonka ka bari: da yawansu ba sa kai mako biyu a hannu, wanda ya rayu kuma shi ne irin wanda kake tambaya a kansa yau.